Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Duba Rubutu Na Ƙungiyarmu Ta Marubuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamanmu kuma iyayenmu a wannan harka, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya saka muku bisa ɗawainiyar da kuke yi da rubuce-rubucenmu ba tare da ana biyan ku ko sisi ba. Ina rubuto wannan takarda ne a madadin ƙananan marubutan da muke zaman karatu tare duk ƙarshen wata, waɗanda yawancinsu ba su taɓa buga littafi ba, kuma kunya ba za ta bar su su ɗaga murya a gabanku ba. Sun karanta abin da ke cikinta kafin in fitar, sun kuma amince.

Abubuwa biyu ne suka sa muka ga shiru ba zai yi ba. Na ɗaya shi ne hukuncin da kuka yanke a zamanku na baya, cewa duk kundin da ke neman amincewar ƙungiya sai ya kasance cikin daidaitacciyar Hausa daga farko har ƙarshe, har da maganganun da ke fitowa daga bakin taurari. Na biyu shi ne yadda aka duba kundin wata ƙanwarmu, wadda ta yi shekara biyu tana rubuta labarinta na farko. Ta ba ni izinin kawo misali daga cikinsa, da sharaɗin kada in ambaci sunanta.

Kundin ya dawo hannunta ja-wur da jan biro. An raba mata "zaka" ya koma "za ka", an sa wa kowace ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarta, an gyara waƙafi da aya. Wannan aiki ne mai kyau, mun kuma gode. Amma a kan babbar matsalar littafin, layi ɗaya tak aka rubuta a shafin ƙarshe: "Hirarrakin sun bushe, a gyara." Wanda ya rubuta haka gaskiya ya faɗa, hirarrakin a bushe suke. Sai dai bai nuna mata shafi ko ɗaya ba, bai ce ga abin da ya busar da su ba, bai ce ga ta inda za ta fara ba. Yarinyar ta koma gida ta yi abin da take zaton ana nufi. Ta ɗauko karin magana ta cusa a bakin kowa, tsoho da yaro, mace da namiji. Da ta kawo mini na karanta, sai na tarar yaro ɗan shekara tara yana ce wa uwarsa "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa." Wata uku ta ɓata a kan wannan gyara, littafin kuma ya fi da lalacewa. Ranar da na gaya mata haka, ta yi shiru, ta tattara takardunta cikin jakar leda, ta ce, "Yaya, to me ake so in yi?" Wannan tambayar ce kwamiti ya kamata ya amsa mata tun farko.

Bari in kawo muku fitowar da muka yi aiki a kanta, don kada maganata ta tsaya a iska. Labarin wani matashi ne, Habibu, ɗan fari a wajen uwarsa, yana tuƙa adaidaita sahun wani Alhaji yana kai masa balas kullum. Ranar nan aka sace adaidaitar. Ya dawo gida da dare, ya tarar da uwarsa da matarsa Rabi a tsakar gida, kakarsa kuma, wadda marubuciyar ta gaya mana tun babi na biyu cewa daga Sakkwato aka ɗauko ta saboda jinya, tana kwance a ɗaki. Ga yadda aka rubuta shi da farko:

Inna ta ce, "Habibu ɗana, haƙiƙa ina cikin matuƙar baƙin ciki da jin labarin sace adaidaita sahun da Alhaji ya ba ka watanni takwas da suka wuce, domin ka san cewa da ita muke ci muke sha tun bayan rasuwar mahaifinka."

Habibu ya ce, "Haƙiƙa Inna, ni ma ina cikin matuƙar baƙin ciki, domin na san cewa Alhaji mutum ne marar haƙuri, kuma ba zai saurara mini ba."

Rabi ta ce, "Habibu mijina, ina so ka sani cewa ina tare da kai a cikin wannan mawuyacin hali, domin aure ɗan haƙuri ne."

Kaka ta ce, "Habibu jikana, ina so ka sani cewa kowane bawa da irin jarrabawarsa, domin haka ka yi haƙuri."

Malamai, babu kuskuren ƙa'idar rubutu ko ɗaya a cikin waɗannan layuka huɗu, shi ya sa jan biro ya wuce su bai tsaya ba. Amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a cikin gida aka yi wannan magana ba. Abin da muke so mai duba rubutu ya iya shi ne ya ɗora yatsa a kan dalilin.

Dalili na farko yana cikin kalmar farko ta kowane layi. Mutum uku sun kira shi da suna, kowace ta liƙa dangantakarta a jiki: ɗana, mijina, jikana. Inna da marubuciyar ta siffanta mana dattijuwa ce ta cikin gari mai riƙo da al'ada, Habibu kuma ɗan farinta ne. Irin wannan uwa alkunya ba ta barin ta kama sunan ɗan fari, balle ta ƙara da "ɗana" a gaban surukarta. "Kai" za ta ce, ko "yaron nan", ko ta yi maganar da wani alhali da shi take. Rabi ma, a gaban uwar miji, ba za ta ce "Habibu mijina" ba. Kaka kuwa ita ce ke da 'yancin da sauran ba su da shi, domin akwai wasa tsakanin kaka da jika, tana iya kiran sa maigida ko miji, ta zolaye shi ko a tsakiyar tashin hankali. Ga mata uku, kowace da matsayinta daban a kan mutum ɗaya, harshenmu ya tanadar wa kowace hanyar kiransa, sai rubutu ya zo ya shafe duka. Na san zamani ya sauya, akwai iyaye mata a yau da ke kiran ɗan fari da sunansa, akwai matan da ke kiran miji da suna ko da wani sunan shagwaɓa. Marubuci yana da damar ya kawo irinsu. Sai dai in ya kawo, ya zama da saninsa ya yi, ya kuma bar mai karatu ya ji cewa wannan gidan ya bambanta da na maƙwabta.

Dalili na biyu, Inna tana gaya wa ɗanta abin da ya fi ta sani. Shi ya karɓo adaidaitar, ya san wata nawa ke nan, ya san ubansa ya rasu. Ba da shi take magana ba, da mai karatu take, marubuciyar ce ta ari bakinta don ta isar da bayani. Wannan ciwo yana da alamar da ake gane shi da ita cikin sauƙi: duk inda tauraro ya ce "ka san cewa" ko "kamar yadda kika sani", a tsaya a duba, galibi bayanin mai ba da labari ne ya ɓuya a cikin alamar zance. Maganinsa a mayar da bayanin wajen mai ba da labari, ko a bar shi ya fito a wurin da wani yake da dalilin faɗar sa, kamar a gaban ɗan sanda mai rubuta rahoto.

Dalili na uku shi ne ƙirar jimlar. Ku dubi yadda duka huɗun suka tafi: a buɗe da suna ko "haƙiƙa", a ambaci halin da ake ciki, a kawo "domin", a rufe da dalili. Tsawonsu ma kusan ɗaya ne. Wannan ita ce muryar marubuciyar kanta lokacin da take rubuta insha'i a makaranta, ita ce kuma Hausar da muke ji a labaran rediyo. Da muka kwafe duk maganganun babin a takarda ɗaya, muka ja layi a ƙarƙashin kalmar da kowace magana ta fara da ita, sai muka ga "haƙiƙa" da "ina so ka sani" sun fito daga bakin kowa, har da mai gadin gidan Alhaji. Ba wanda ya katse wani, ba wanda ya amsa da kalma ɗaya, ba wanda aka yi wa tambaya ya ƙi amsawa.

Sai dalili na huɗu, wanda a ganina shi ne tushen sauran. Kowa ya faɗi abin da ke zuciyarsa ƙarara, kuma ba mai neman komai a wajen kowa. Mutanenmu ba kasafai suke cewa "ina cikin matuƙar baƙin ciki" ba a lokacin da suke cikinsa. Uwa mai kunyar ɗan fari, in hankalinta ya tashi a kansa, abinci za ta tambaya. Muka zauna da marubuciyar, na yi mata tambaya a kan kowane mutum: a wannan daren, me yake so, me kuma ba zai iya furtawa ba? Ta yi tunani ta ce Inna so take ta ga ya samu natsuwa amma ba za ta nuna tausayinsa a fili ba. Rabi tsoron Alhaji take ji, tana kuma jin haushin sakacin mijinta, amma ba za ta yi masa faɗa a gaban uwarsa ba. Habibu so yake a bar shi ya shiga ɗaki. Da ta faɗi haka, na ce ta sake rubutawa a nan take, kada ta bar kowa ya ambaci sunan abin da yake ji. Ga abin da ta fito da shi bayan gyara biyu:

Inna ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. "Ka ci abinci?"

"Inna, cewa fa na yi an ɗauke."

"Na ji. Ke, zubo masa."

Rabi ta tsaya da kwano a hannu. "To shi Alhajin ya sani?"

Ya sunkuya yana kwance takalmi.

"Magana nake."

"Da safe zan je."

"Da safe dai."

Daga cikin ɗaki tsohuwa ta ɗaga murya. "Wanga miji nau! Kana ina anka ɗauke?" Da ba wanda ya tanka, sai ta sassauta. "Zo nan. Zo zamna."

Ita ce ta rubuta wannan, ba ni ba. Yarinyar da aka ce hirarta ta bushe tana da kunnen, tana jin yadda ake magana a gidansu tun tana goye. Abin da ta rasa shi ne wanda zai gaya mata cewa wannan maganar ta tsakar gida ta cancanci shiga littafi. Ku lura ba a kira sunan Habibu ko sau ɗaya ba, amma an san da wa kowa yake. Inna ta nuna duk abin da ke ranta da shinkafar da ta ƙi ɗagowa daga kai. Haushin Rabi gaba ɗaya yana cikin kalma ɗaya, "dai".

A kan wannan kalma nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne kukanmu na gaba yake. A cikin kundin da ya dawo, mun ga wurare da dama da aka soke "dai" da "fa" da "kam" da "kuwa" da "ma" daga bakin taurari, aka rubuta a gefe cewa cike gurbi ne. A bayanin mai ba da labari wataƙila wani lokaci haka ne. A cikin hira kuwa, waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke ɗauke da hali. Mutum ya ce "zan je", ya ba da labari ne kawai. In ya ce "zan dai je", ba da son ransa ba ne, ko bai sa ran za a dace ba. "Zan fa je" gargaɗi ne, yana jiran a hana shi ko a shirya. "Ni kam zan je" ya ware kansa daga sauran, kowa ya yi abin da ya ga dama. "Zan kuwa je" martani ne ga wanda ya yi zaton ba zai iya ba. Jimla ɗaya, mutum biyar daban. Akwai mutumin da "fa" ba ta barin bakinsa saboda kullum cikin jan kunne yake, akwai mai "dai" saboda kullum a ɗarare yake. Marubucin da ya raba wa taurarinsa waɗannan kalmomi da lura ya yi rabin aikin bambanta su. In mai duba rubutu ya bi ya soke su, ya mayar da mutum biyar ɗin nan mutum ɗaya da hannunsa, sannan ya rubuta a ƙarshe cewa hira ta bushe.

Yanzu ga hukuncinku. In aka bi shi yadda yake, layin tsohuwar nan ba zai tsira ba. "Wanga miji nau" zai koma "wannan miji nawa", "anka" ta koma "aka", "zamna" ta koma "zauna". Ma'ana ba ta sauya ba, amma matar da aka ce mana ta yi shekara saba'in a Sakkwato ta buɗe baki ta yi magana kamar jikanta haifaffen Kano. Mun fahimci abin da ya sa kuka yanke hukuncin. Rubutun da ke yawo a wayoyi yau ya cika da haɗe kalmomi da rashin lanƙwasa da taƙaice-taƙaicen saƙon waya, kuna tsoron a shigo da wannan cikin littafi a ce salo ne. Muna tare da ku a wannan tsoro. Amma kuskuren rubutu daban, karin harshe daban. Wanda ya rubuta "zaka" a haɗe ya yi kuskure, ko Bakano ne ko Bakatsine, ko a bakin tauraro ko a bayanin mai labari. Wanda ya rubuta "munka tahi" a bakin Basakkwace bai yi kuskure ba, ya rubuta abin da ake faɗa ne, bisa ƙa'ida. Tarukan da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun yi aiki ne a kan yadda za a rubuta haruffa da kalmomi, don mai karatu a Maraɗi da mai karatu a Zariya su ga abu ɗaya a takarda. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci, amma ko a Kano ba da ita ake cinikin tattasai a kasuwar Rimi ba. Harshen makaranta ce da jarida da mai ba da labari, kuma a can muna son ta, muna kare ta.

Ku dubi abin da hukuncin zai jawo wa sauran membobinmu. Akwai wanda yake rubuta labarin wani ɗan ci-rani daga ƙasar Damagaram. Mutumin nan "lakwal" zai ce in yana nufin makaranta, "mushe" zai kira malamin boko, in ya ce za shi likita asibiti yake nufi, in ya ce "jikka" yana maganar sefa dubu ne. A cikin labarin akwai wurin da aka yi masa dariya saboda bakinsa, wannan dariyar ce ma ta tayar da rigimar da littafin ya ginu a kai. In an daidaita masa harshe, babu abin dariya, babu rigima, babu labari. Akwai kuma mai rubuta labarin wata baiwar Allah da ta tashi a zangon Kumasi aka auro ta zuwa nan, wadda ba ta bambanta jinsin namiji da na mace a magana kamar yadda muke yi. Da wannan ne kishiyarta take yi mata habaici. Shi ma sai ya zubar da babi uku in hukuncin ya tabbata.

Ba muna cewa a buɗe ƙofa kowa ya zuba karin harshe yadda ya so ba. Yana da iyakarsa, kuma mun fi so ku koya mana iyakar maimakon ku hana gaba ɗaya. Alama biyu ko uku da aka riƙe ba a saki ba sun isa su tsayar da mutum a garinsu. Tsohuwar nan "wanga" da "anka" da "zamna" sun wadace ta, ba sai an juya kowace kalma ba har mai karatu ya gaji. Abin da ya kamata mai dubawa ya kama shi ne tsohuwa ta ce "anka" a shafi na goma ta ce "aka" a na arba'in ba dalili, ko a haɗa mata Sakkwatanci da Zazzaganci a baki ɗaya. Ya kuma kama marubucin da ba ya ba kowa karin harshe sai wawan labari ko ɗan aike, domin wannan raini ne ga mutanen wani yanki. Sannan karin harshe shi kaɗai ba ya warkar da hira. Inna da Rabi da Habibu duk Kananci suke yi, amma kun ga sun rabu. Haka nan hirar littafi ba kwafin hirar gaske ba ce. In an bi gaskiya zalla, gaisuwa kaɗai sai ta ci shafi guda, daga ina kwana zuwa ina gajiya zuwa yaya iyali. Ana kawo doguwar gaisuwa ne inda take aiki. A babi na gaba na wannan kundi, Habibu ya je gaban Alhaji. A rubutun farko Alhaji ya yi jawabi mai layi goma sha ɗaya yana bayyana ɓacin ransa. Da aka gyara, Habibu ne ya yi ta jan gaisuwa, ranka ya daɗe, an tashi lafiya, yaya Hajiya, yaya yara, saboda tsoron isa ga maganar. Alhaji kuwa, bayan ya gama sauraro, cewa ya yi, "To. Yaushe za ka kawo?" Mai iko ba ya bukatar dogon bayani, na ƙasa ne ke kewaye-kewaye, kuma tsawon magana kaɗai ya nuna wa mai karatu wane ne a sama.

Akwai wani abu kuma da nake ganin ana mantawa da shi. Da yawan masu bin labaranmu yau da kunne suke bi, a shirye-shiryen karanta littattafai na gidajen rediyo ko a YouTube, inda mutum ɗaya yake karanta maganar kowa da murya ɗaya. Mai sauraro ba ya ganin alamar zance, ba ya ganin inda sakin layi ya sauya. Tana wanke-wanke ne ko yana tuƙi. In taurari duk bakinsu ɗaya, da zarar "ta ce" ɗaya ta wuce shi, ya rasa mai magana.

Daga nan muka samo gwajin da muke yi a zamanmu, wanda muke so ku karɓa. Ana zaɓar fitowa ɗaya mai mutum uku ko huɗu. A rufe duk "wane ya ce" da "wance ta ce". Mutum ɗaya ya karanta a bayyane ba tare da sauya murya ba, sauran kowa ya rubuta wanda yake zaton shi ke magana a kowane layi. Da muka gwada da rubutun farko na ƙanwar nan, bayan mun cire "ɗana" da "mijina" da "jikana", kowa cankensa daban, har wata ta ba Rabi layin Kaka. Da muka karanta gyararren, ba wanda ya ɓata ko a layi ɗaya. Gwajin bai kai minti ashirin ba, kuma marubuciyar ta ga matsalar da idonta ba tare da kowa ya ce mata rubutunta ba shi da kyau ba.

Saboda haka, Malamai, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ku sake duba hukuncin nan. A bar daidaitacciyar Hausa ta zama wajibi a bayanin mai ba da labari, a kuma bar ƙa'idojin rubutu su hau kan kowane layi na littafi. Amma abin da ke cikin alamar zance, a bar tauraro ya yi magana da karin garinsu da bakin shekarunsa, matuƙar marubuci ya riƙe shi bai saki ba.

Muna roƙon a ƙara sashe na hira a takardar da masu dubawa ke cikewa, domin a yanzu ƙa'idar rubutu da jigo da tarbiyya kawai take tambaya. Duk wanda zai ce hira ta bushe, ya nuna shafi da layi a wurare uku aƙalla, ya faɗi dalilin kowane: kiran suna ne da bai dace da dangantaka ba, ko bayani ne aka cusa a bakin tauraro, ko ƙirar jimla ce ta zama ɗaya. Ya kuma zauna da marubucin a kan fitowa ɗaya, ya yi masa tambayoyi har ya gyara da hannunsa. Kada mai dubawa ya rubuta masa, domin in ya yi haka muryar mai dubawa ce za ta maye gurbin ta marubuci, a koma gidan jiya.

Muna roƙon a ware mana minti ashirin a taron wata don gwajin rufe suna, a riƙa ɗaukar kundi ɗaya kowane zama, da yardar mai shi.

Muna kuma roƙon a faɗaɗa kwamitin. A yanzu duk maza ne, alhali yawancin kundayen da ke zuwa mata ne suka rubuta, kuma rabin abin da ke cikinsu a tsakar gida yake faruwa, tsakanin kishiyoyi da surukai da 'yan biki. Habaici da gatse da shaguɓen da ake yi a can, mata ne suka fi sanin inda ya zauna da inda aka ƙirƙira. In kuma kundi ya zo da tauraro daga Sakkwato ko Katsina ko Damagaram, a nemi ɗan can a cikin membobi ya karanta layukansa, muna da su.

Na ƙarshe ya shafi ƙanwar nan. Kwafin da ke hannunku shi ne wanda ta cika da karin magana. Muna roƙon ku mayar mata da shi, ku ba ta wata biyu ta bi sauran babobin kamar yadda ta bi waɗannan biyun, sannan ku sake dubawa ba tare da an lissafa mata wannan a matsayin faɗuwa ta biyu ba. Ta riga ta gama babi shida. Za mu zo taron ƙarshen watan nan da fitowar daren satar, tsohon rubutun da sabon, in kun ba mu dama mu karanta muku duka biyun a rufe sunaye, ku canka da kanku.

Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Wassalam.

Ɗanku kuma ɗalibinku,
a madadin ƙananan marubuta masu zaman karatun ƙarshen wata.